Yadda ake cire harajin VAT da ka biya daga wanda ka karɓa kafin ka cike fom ɗin wata

A fara da bokitin fenti guda. Ka saro shi daga kamfani a kan naira 40,000, kamfanin ya ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wato naira 3,000, ka biya 43,000. Ka kawo shago ka sa masa kuɗi 50,000, kai ma ka ɗora naka kashi 7.5, wato 3,750, mai saye ya ba ka 53,750. Wannan 3,750 ɗin ba taka ba ce, ajiya ce aka ba ka ka kai wa gwamnati. Amma ba duka za ka kai ba, domin ka riga ka biya 3,000 a hannun kamfani, kamfanin kuma shi zai kai ta. Sai ka cire 3,000 daga 3,750, ka kai 750.

Ka lura, 750 ɗin nan ita ce kashi 7.5 na naira 10,000 da ka ƙara a kan kuɗin sari. Kowa a layin, daga masana'anta zuwa dila zuwa kai, yana kai harajin abin da ya ƙara ne kawai, nauyin duka kuma yana sauka a kan mutumin da zai shafa fentin a bangon gidansa. A fom ɗin hukuma, harajin da ka karɓa daga masu saye shi ne aka rubuta Output VAT, wanda ka biya wajen sari kuma Input VAT. A nan za mu riƙa cewa "wanda ka karɓa" da "wanda ka biya".

Sai dai a aikace ba bokiti-bokiti ake yi ba. Wata-wata ake yi. Duk abin da ka karɓa a watan ana tara shi wuri guda, duk abin da ka biya a watan ana tara shi wuri guda, a cire wannan daga wancan, ko da kayan da ka saro suna nan jibge a sito ba ka sayar da ko kwali ɗaya ba. Wannan shi ne abin da sabon mai shago ya fi kasa ganewa, kuma shi ke sa wani watan ya ga ba a bin sa ko kwabo, wani watan kuma ya ga kuɗin da zai kai sun ba shi tsoro.

Kafin lissafi: kana cikin waɗanda ake nufi?

An fara karɓar VAT a Najeriya a Janairun 1994 a kan kashi 5, aka ɗaga shi zuwa kashi 7.5 daga 1 ga Fabrairun 2020. Sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025, waɗanda suka fara aiki a Janairun 2026, sun bar shi a kan 7.5, amma sun sauya abubuwa biyu da suka shafe ka kai tsaye. Na farko, hukumar haraji ta tarayya da aka sani da FIRS ta koma NRS. Na biyu, iyakar cinikin da ake ɗauke wa mutum wahalar VAT ta tashi. A da, wanda cinikinsa na shekara bai kai naira miliyan 25 ba ne ake ƙyalewa. Yanzu ƙaramin kasuwanci shi ne wanda cinikinsa na shekara bai wuce naira miliyan 100 ba, kuma kadarorin aikinsa ba su wuce miliyan 250 ba.

Ciniki ake nufi, ba riba ba. Shagon da ke sayar da kayan naira miliyan tara a wata ya riga ya haye miliyan 100 a shekara, ko da ribar da ke shiga aljihun mai shi ba ta taka kara ta karya ba. Wanda ke ƙasa da iyakar ba ya ɗora wa mai saye VAT, amma shi ma ba shi da inda zai cire wanda ya biya, sai ya zama cikin kuɗin sarin kayansa.

Misalin da za mu bi shi ne na sabon shagon kayan gini a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, mai sayar da tayil da fenti da wayar lantarki. Ya yi rajista, yana da lambar haraji ta TIN, kuma ya buɗe a farkon watan Maris. Farashin da za a gani na misali ne, an zaɓe su don lissafin ya fita sumul.

Mataki na farko: fitar da harajin da ka karɓa

Tara cinikin watan kaf, daga ranar 1 zuwa ranar ƙarshe: tsabar kuɗi, abin da aka tura ta banki, da abin da ya shigo ta na'urar POS. Har da kayan da ka bayar bashi, domin a doka ciniki ya faɗa tun daga lokacin da ka yanka rasit ko lokacin da kuɗi suka shigo, duk wanda ya riga. Ɗan kwangilar da ya kwashi tayil ranar 28 ga wata ya ce sai an biya shi, cinikinsa na wannan watan ne, kuma ka shirya wa harajinsa tun yanzu.

A kasuwa ba a cewa "dubu hamsin, sai haraji". Ana yin ciniki a tsaya a kan kuɗi ɗaya, mai saye ya ƙirga ya tafi. Ke nan harajin yana cikin kuɗin da ka karɓa, sai an zaro shi. Hanyar zarowa ita ce ka ninka kuɗin sau 7.5 ka raba da 107.5, wanda daidai yake da ka ninka sau 3 ka raba da 43. Wannan ta biyun ta fi sauƙin dannawa a kalkuleta.

Shagonmu ya yi cinikin naira 6,450,000 a watan Maris:

```
6,450,000 x 3 / 43 = 450,000
6,450,000 - 450,000 = 6,000,000
```

Harajin da ya karɓa 450,000 ne, ainihin cinikinsa kuma miliyan shida cif. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauki kashi 7.5 na kuɗin gaba ɗaya. Da ya yi haka da ya samu 483,750, ya ɗora wa kansa 33,750 da babu wanda ya ba shi, wato ya biya haraji a kan haraji. Za ka gane ka yi wannan kuskure idan ka cire harajin daga jimillar, ka ɗauki kashi 7.5 na abin da ya rage, ka ga bai dawo da kai kan harajin da ka cire ba.

Mataki na biyu: tace rasit ɗin saye

A nan aikin yake, kuma a nan kuɗi ke zubewa. Harajin da ka karɓa hukuma ba za ta yi maka gardama a kansa ba, sai dai ta ce ya fi haka. Wanda ka ce ka biya kuwa, sai ka nuna takarda.

Zazzage duk rasit ɗin watan a kan tebur, ka yi wa kowanne tambaya uku. Shin an rubuta VAT ɗin a fili, a layinsa daban da kuɗin kaya? Shin akwai sunan mai sayarwar da adireshinsa da lambarsa ta TIN, da kwanan wata, da sunan shagonka a matsayin mai saye? Shin abin da aka saya na kasuwancin ne? Wanda ya tsallake duka ukun ya shiga tarin dama. Wanda ya faɗi ko da a guda ɗaya ya koma hagu.

Ga abin da ke kan teburin shagonmu a ƙarshen Maris. Tayil na naira miliyan takwas daga babban dila, VAT 600,000, rasit bugagge mai komai da komai: dama. Fenti na miliyan huɗu daga kamfani, VAT 300,000: dama. Janareta na shago na 1,200,000, VAT 90,000. Sai kamfanin dakon kaya da ya kawo tayil ɗin, kuɗin aiki 400,000, VAT 30,000.

Waɗannan biyu na ƙarshe suna bukatar a tsaya a kansu, domin akantan da ya saba da tsohuwar doka zai iya jefa su hagu da hannunsa ba tare da ya duba ba. Kafin 2026, abin da aka yarda ɗan kasuwa ya cire shi ne harajin kayan da ya saro don sayarwa, ko kayan da ake sarrafawa a fitar da wani abin sayarwa. Harajin da ke kan aikin da aka yi maka, kamar dako ko gyara, sai dai ya shiga cikin kashe-kashen shago, na janareta da kanta da mota kuma ya shiga cikin kuɗin kadarar. Sabuwar doka ta buɗe ƙofar: harajin da ka biya a kan ayyuka da kadarorin aiki shi ma ana cire shi, muddin don gudanar da cinikin da ake ɗora wa VAT ka saye su. Saboda haka janareta da dako duk dama suka nufa. Ga sabon shago wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a watannin farko ne ake sayen irin waɗannan kaya.

Saura takarda biyu. Ɗaya talabijin ce ta naira 430,000 da mai shagon ya saya da kuɗin asusun shago ya kai gida. Rasit ɗinta lafiya lau, har da VAT 30,000 a rubuce, amma ta faɗi a tambaya ta uku. A kan wannan talabijin shi ne mai saye na ƙarshe, kamar kowa.

Ɗayar kuma ta wayar lantarki ce ta naira 1,500,000. Ƙaramar takarda ce da aka yago daga littafin rasit irin na bakin kasuwa, an rubuta da shuɗin biro "waya nadi 15", an sa kuɗi, an murza sa hannu a ƙasa, gefenta ma akwai tabon man ja. Babu TIN, babu layin haraji. Kaya na gaske ne, ciniki na halal ne, kuma za ta shiga littafin sari. Amma ba ka da ikon ka ɗauki kalkuleta ka ninka sau 3 ka raba da 43 ka ce ai harajin yana ciki. Wanda ya sayar maka bai karɓi VAT daga gare ka ba, bai kai wa kowa ba, don haka babu abin cirewa.

Harajin da shagonmu ya biya a Maris ke nan: 600,000 da 300,000 da 90,000 da 30,000, jimilla 1,020,000.

Abin da rasit marar haraji ke yi wa ribarka

Batun wayar nan bai ƙare a tarin hagu ba. Nadi ɗaya ka saro shi 100,000 ba tare da VAT ba, amma ranar da za ka sayar da shi dole ka lissafa masa haraji, tunda kai mai rajista ne. A ce kasuwa ta tsaya a kan 110,000, ba wanda zai ƙara maka sisi. A idonka ribar 10,000 ce. Amma cikin 110,000 ɗin akwai harajin kusan 7,674, kuma ba ka da komai da za ka cire daga ciki, duka za ka kai. Ribar da ta rage maka ba ta kai 2,400 ba.

Yanzu a ce wani dilan mai rajista yana ba da irin wannan nadi a kan 96,000, da VAT 7,200, jimilla 103,200. A baki ya fi na farko tsada da 3,200, kuma yawancin mutane za su wuce shi. Amma 7,200 ɗin za ta dawo maka a ƙarshen wata, don haka ainihin kuɗin sarinka 96,000 ne, ya fi na farkon araha da dubu huɗu. Daga ranar da ka yi rajista, kuɗin kaya kafin haraji shi ne abin da za ka riƙa gwadawa tsakanin diloli masu rajista, sannan ka gwada shi da cikakken kuɗin wanda ba ya ba da rasit mai VAT. Wannan ba ya nufin a guji ƙananan diloli. Wani lokacin nasu ya fi sauƙi ko bayan an yi wannan lissafin, abin dai a yi shi kafin a ce "na saya".

Mataki na uku: cirewa, wata bayan wata

Maris: ya karɓi 450,000, ya biya 1,020,000. Wanda ya biya ya fi yawa da 570,000. Ba zai kai ko kwabo ba, shi ne ma yake bin gwamnati. Haka yake faruwa ga kusan duk sabon shago, domin an cika sito da kaya alhali masu saye ba su gama sanin wurin ba. Doka ta ba shi zaɓi biyu: ya tura rarar zuwa watan gaba ta rage masa abin da zai biya, ko ya nemi a mayar masa da kuɗi. Ga shagon da cinikinsa ke tashi, turawa gaba ta fi. Neman a mayar da kuɗi yana jawo binciken takardu da jira, alhali rarar za ta cinye kanta cikin wata ɗaya ko biyu. Amma sai ya cike fom ɗin Maris rarar za ta shiga lissafin hukuma. Wanda ya ce tunda ba a bin sa komai bari ya bari, ya jawo wa kansa tara, kuma rararsa ba ta da tushe a wajensu.

Afrilu: kasuwa ta buɗe, ciniki ya kai 15,050,000, harajin da ke ciki 1,050,000. Sai dai wani mai saye ya dawo da fenti na 215,000 saboda launin bai yi wa uwargida ba, aka mayar masa da kuɗinsa. Harajin da ke cikin wannan 15,000 ne, a cire, saura 1,035,000. A ɓangaren saye, an ƙaro tayil na miliyan uku, VAT 225,000, da fenti na miliyan biyu, VAT 150,000, jimilla 375,000. Sannan an buɗe wasu kwalaye cikin tayil ɗin Maris aka tarar da su a farfashe, aka mayar wa dila na 400,000, ya rage daga bashin da yake bi. Harajin waɗannan kwalaye, 30,000, ka riga ka ci moriyarsa a Maris, dole ya fita yanzu. Saura 345,000.

```
1,035,000 - 345,000 - 570,000 = 120,000
```

Naira 120,000 zai kai na watan Afrilu. Duk mayarwar biyu tana bukatar takarda: wadda ka rubuta wa mai fenti mai nuna lambar rasit ɗinsa na farko, da wadda dilan tayil ya rubuta maka. Mutane ba sa mantawa su rage harajin kayan da aka dawo musu da su, amma na kayan da su suka mayar sai a yi shiru. Dilan kuwa zai rage nasa a fom ɗinsa, kuma daga nan bambancin zai fito.

Mayu shi ne watan da ke kama mutum. Ciniki ya sake yin 15,050,000, haraji 1,050,000. Amma sito na cike da sauran kayan Maris da Afrilu, don haka fenti na miliyan biyu kawai aka saro, VAT 150,000. Rara ta ƙare. Abin kaiwa ya zama 900,000. Mai shagon da ya saba da ganin sifiri da dubu ɗari da ashirin sai ya ɗauka akanta ya yi kuskure. Babu kuskure. Harajin kayan da yake sayarwa a Mayu tun a Maris aka cire masa shi, yanzu biya ya zo. Matsalar ita ce kafin ranar biya ta zo, kuɗin sun riga sun koma tayil, domin ɗan kasuwa ba ya son ganin kuɗi a kwance.

Maganin mai sauƙi ne, aiwatarwar ce ke da wuya. Kowace yamma bayan an rufe, ka ninka cinikin ranar sau 3 ka raba da 43, ka tura wannan adadin zuwa wani asusu na dabam. Ranar da ka saro kaya da cikakken rasit, kana iya ɗebo harajin da ke kan rasit ɗin daga wannan asusu. Abin da ya rage a ciki a ƙarshen wata kusan shi ne abin da za ka kai.

Mataki na huɗu: cike fom da biya

Wa'adin shi ne ranar 21 ga watan da ke biye: na Maris kafin 21 ga Afrilu ta wuce, na Afrilu kafin 21 ga Mayu ta wuce. Ta intanet ake yi, a shafin hukumar. Tun 2021 da aka kawo shafin TaxPro-Max aka rage zuwa ofis da takarda a hannu. Fasalin shafi yana sauyawa, amma abin da yake nema ɗaya ne: jimillar ciniki ba tare da haraji ba, abin da ke ciki wanda ba a ɗora wa haraji, harajin da ka karɓa, harajin da ka biya, rarar da ka taho da ita, da abin da ya rage. A gurbin ciniki, 6,000,000 za ka sa na Maris, ba 6,450,000 ba. In ka sa na biyun, shafin zai lissafa maka kashi 7.5 a kansa, ka koma kan kuskuren nan na 483,750.

Ana kuma neman jerin ciniki mai ɗauke da sunaye da lambobin TIN na 'yan kasuwar da suka saya a wajenka, dilanka ma ana neman haka daga gare shi. Da wannan ne hukuma ke gwada abin da ka ce ka biya da abin da dilan ya ce ya karɓa. Idan bai sa lambarka a jerinsa ba, ko ya sa ta da kuskure, ko bai cike nasa fom ɗin ba, 600,000 ɗinka na iya maƙalewa alhali rasit yana hannunka. Shi ya sa ranar farko da ka fara hulɗa da dila za ka ba shi sunan shagon yadda yake a rajista da TIN a rubuce, kuma kusan ranar 10 ga wata ka kira akantansa ka tabbatar an sa ka. Kada ka bar aikin sai ranar 20 da dare, lokacin kowa ya yi caa a kan shafin.

Bayan ka tura fom, shafin zai ba ka lambar biya, da ita za ka biya ta banki. Tura fom dabam, biya dabam, kuma kowanne da hukuncinsa. Rashin cike fom a kan lokaci tararsa a sabuwar doka naira 100,000 ce a watan farko, sai 50,000 a kowane wata da ya biyo baya, ninkin abin da take a da. Wannan tara ba ta duba ko ana bin ka haraji. Ko shago a rufe ya kwana wata guda saboda ka tafi Umara, sai an cike fom an nuna sifiri. Riƙe harajin da ka karɓa ba ka kai ba kuma yana jawo tarar kashi 10 cikin ɗari da kuɗin ruwa a kai.

Wurare biyu da lissafin ke karkacewa

Idan ma'aikatar gwamnati ta sayi kaya a wajenka, ba za ta ba ka VAT ɗin ba. Ita ke riƙe shi ta kai wa hukuma da kanta. Cinikin yana shiga jimillarka, amma harajinsa za ka nuna shi a gurbin wanda aka riƙe, don kada a biya sau biyu, kuma ka nemi shaidar cewa sun kai.

Na biyun bai shafi mai tayil ba sosai, amma duk mai kantin kayan masarufi zai ci karo da shi. Akwai kayan da harajinsu sifiri ne, kamar kayan abinci na yau da kullum da magunguna da littattafan karatu, akwai kuma waɗanda aka cire daga tsarin gaba ɗaya, kamar kayan jarirai. A wajen mai saye duk ɗaya ne, ba ya biyan komai. A wajenka ba ɗaya ba ne. Kaya masu sifiri suna cikin tsarin, don haka harajin da ka biya wajen hidimarsu, kamar na dako, kana cire shi. Waɗanda aka fitar kuwa ba a cire komai dominsu. Idan abu guda yana yi wa duka hidima, sai a raba. A ce cinikinka na wata miliyan goma ne, miliyan biyu daga ciki na kayan da aka fitar ne, kuma ka biya VAT 50,000 a kan gyaran shago. Kashi huɗu cikin biyar za ka cire, wato 40,000, sauran 10,000 ta shiga kashe-kashe.

Dubawa kafin ka danna tura

Gwaji na farko shi ne na banki. Jimillar abin da ya shigo asusun shago da na POS a watan, haɗe da tsabar kuɗin da ba a kai banki ba, ya kamata ta yi kusa da cinikin da ka rubuta, bayan an yi la'akari da basussuka. Mai binciken haraji daga takardar banki yake farawa, kuma duk kuɗin da ya gani sun shigo ciniki zai ɗauke su sai ka nuna masa akasin haka. Don haka miliyan biyar da yayanka ya turo maka ka ƙara jari, ko adashin da ka kwasa ka zuba a asusun shago, ka rubuta su a littafi ranar da suka shigo, da bayanin daga ina suke. In ba haka ba za a zaro musu 3 cikin 43 kamar kuɗin tayil.

Na biyu, ka dubi watanni a jere. Shagon da ke cin riba ba zai yi ta fitar da rara wata shida a jere ba, sai in sito yana ta kumbura ne da kayan da ba sa tafiya. Idan sito bai ƙaru ba kuma rara na ƙaruwa, to ko akwai cinikin da ba a rubutawa, ko an shigar da rasit ɗaya sau biyu. Wannan na biyun yana yawan faruwa ne idan dila ya ba da takardar rakiyar kaya ranar lodi, daga baya ya aiko da cikakken rasit, yaron shago ya shigar da duka biyun. Rubuta lambar kowane rasit a littafin saye yana kama wannan nan take.

Rasit ɗin da ya ɓuya a aljihun riga sai bayan an tura fom bai ɓata ba, ana iya shigar da shi a wani watan, domin sabuwar doka ta ba da har shekara biyar a nemi cire harajin da aka biya. Takardun kuma a ajiye su aƙalla shekara shida. Rasit ɗin nan masu santsi da ƙananan na'urori ke bugawa ba sa kai haka: zafin shago na 'yan watanni ya isa ya mayar da su farar takarda. Ka ɗauki hotonsu da waya ranar da aka kawo su, ka yi musu kwafi, ka maƙala kwafin da na asalin a fayil ɗin watan, fayil ɗaya na saye, ɗaya na sayarwa, da kwafin fom ɗin da ka tura da shaidar biyan banki a samansu.